Takardar ciniki mai harshe biyu: yadda ake taƙaita ta ba a cuɗe Hausa da Ingilishi ba

Duk mai harkar hatsi tsakanin Garwa da Mubi, ko tsakanin Kusseri da Gamboru, ya san irin wannan saƙo. An gama magana ta waya, ciniki ya faɗa, sai abokin hulɗa na Najeriya ya sa yaronsa ya rubuta sharuɗɗa a takarda, a ɗauki hotonta, a turo ta WhatsApp. Rubutun ya fara da sallama da Hausa, ya tsallaka Ingilishi, ya dawo Hausa, wani lokaci a cikin jimla guda. Ga wanda ya rubuta, wannan ba wani abu ba ne, haka yake magana kullum a kasuwa. Wahalar tana wajen wanda takardar ta iske a wannan ɓangaren iyaka.

A Kamaru, tsarin mulkin 1996 ya ba Ingilishi da Faransanci matsayi ɗaya, amma a Garwa da Marwa da Ngaundare yawancin yara da Faransanci suka yi makaranta, Ingilishi darasi ne guda a cikin darussa. A Chadi kuwa harsunan gwamnati Faransanci ne da Larabci. Saboda haka wanda ake miƙa wa waya a ce ya duba ya taƙaita, galibi matashi ne da ya yi lise, Hausa a bakinsa, Faransanci a alƙalaminsa, Ingilishinsa kuma rabi da rabi. Abin da hannunsa zai fara yi shi ne ya narkar da komai cikin harshe ɗaya, ya rubuta layi uku masu tsafta a littafin shago. A ganina nan ne ɓarnar take farawa. Taƙaitawa tana da ikon rage tsawon magana, amma ba ta da ikon canza wa sharaɗi harshe, domin kalmar da aka rubuta ita ce za a kafa hujja da ita ranar da aka sami saɓani.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani Alhaji mai sayar da wake a Garwa ya sami wannan hoton daga mai saye a Mubi. Farashin da ke ciki na misali ne kawai.

```
Salam Alhaji. Game da waken da muka yi magana.
Qty: 120 bags, 100kg each. Price N95,000 per bag.
Mun tura 40% deposit, balance after offloading a Mubi.
A auna buhunan daidai kafin lodi.
Kudin mota na wajenku har boda, daga nan namu ne.
Ba za mu karbi bags with weevil or moisture above 12% ba,
sai dai in an yi ragi.
Delivery on or before 15 March. Any delay, N1,500 per bag per week.
Amma in matsalar hanya ce, a kira ni, za mu duba.
```

Kafin a yi maganar taƙaitawa, sai an tabbata an ga takardar duka. Hoton da aka turo ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi ya rage masa kyau, kuma ƙananan abubuwa ne suke fara ɓacewa: waƙafi, ɗigo, alamar kaso, da ƙaramin N ɗin da ke gaban adadi. In rubutun hannu ne da biro, 1 da 7 suna kama, balle ma su a Najeriya ba kowa ke sa wa bakwai sanda a tsakiya ba, mu kuma nan mun saba da ita, har ɗayanmu mai dogon baki yakan yi musu kama da bakwai. Idan akwai shakka, a nemi a sake turowa a matsayin Document, wanda ke barin hoton yadda aka ɗauke shi. A kuma duba gefuna huɗu na takardar sun fito a hoton, ba a datse ko ɗaya ba.

Layi na shida ya nuna dalilin wannan. Irin wannan korewa a Hausa da "ba" biyu take tafiya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a nan an zuba kalmomin Ingilishi bakwai a tsakaninsu. "Ba" na farko yana bakin takardar ta hagu, na biyu yana bakinta ta dama, wato daidai wuraren da babban yatsa ke rufewa ko hoto ke yankewa. In na hagu ya tafi, abin da ido zai fara karantawa shi ne "za mu karbi" buhu mai ƙwaro, kishiyar abin da aka ce. Alamar da za ta cece ka ita ce wancan "ba" da ya rage shi kaɗai a ƙarshen layi. Duk inda ka ga ɗaya a ƙarshen jimla, nemi ɗan'uwansa kafin ka wuce.

Bayan an ga komai, aiki na biyu shi ne a kwafe takardar yadda take, baƙi da baƙi, a shafin hagu na littafi. Mutane suna ƙyashin wannan, suna ganin ɓata lokaci ne tunda hoton yana cikin waya. Amma waya takan faɗa ruwa, a kan sace ta, a kan share hotuna don ta cika. Kuma kwafewa da hannu ita ce ke tilasta wa mutum ya tsaya a kan kowace kalma. Wanda zai yi amfani da manhajar da ke ciro rubutu daga hoto, ko ya buga a waya, to ya bi abin da ya fito layi-layi yana gwadawa da hoton. Wayar da aka saita a kan Faransanci tana gyara kalmar da ba ta sani ba zuwa mafi kusa da ita, ba tare da ta nemi izini ba. Sannan akwai kalmomin Hausa da siffarsu ta yi daidai da ta Ingilishi. "Wake" ɗin da ake cinikinsa kalma ce a Ingilishi mai ma'anar farkawa, haka "in an" da ke layi na bakwai, dukansu biyu akwai su a Ingilishi. Siffar kalma ba ta isa ta nuna harshenta ba, sai an dubi jimlar da take ciki.

A nan ne ake ja layi a ƙarƙashin duk abin da yake Ingilishi na gaske. Na ce na gaske saboda akwai wanda ya riga ya zama Hausa. "Lodi" da "mota" da "boda" sun fito daga Ingilishi, amma sun daɗe da zama 'yan gida, suna ɗaukar jam'i da nasaba irin na Hausa, ana cewa motoci, ana cewa lodin wake. Waɗannan ba a ja musu layi, ba a kuma mayar da su ga asalinsu. Haka nan ba a canza "boda" zuwa kalmar da muka fi sabawa da ita a nan, domin mai rubutun ya san abin da yake nufi da ita, mu ne ba mu tabbata ba tukuna, kuma zan dawo kan wannan. Gwajin mai sauƙi ne: kalmar da aka rubuta da ƙa'idar Ingilishi, tana ɗauke da jam'insa ko tana cikin jerin kalmominsa, kamar `bags` ko `per week`, Ingilishi ce.

Idan an gama ja layin aka ɗaga littafin aka duba, wani abu yana bayyana wanda shi ne zuciyar wannan magana. Sauya harshen ba a banza aka yi shi ba. Adadi, farashi, ranar kawowa, tara, sharaɗin inganci, duk da Ingilishi suka zo. Gaisuwa, rabon ɗawainiya, da sassauci, da Hausa suka zo. Dalilin a fili yake: ɗan kasuwar Najeriya da Ingilishi ya san rasit da takardar banki da takardar kotu, saboda haka in zai ɗaure magana, harshen da ke zuwa masa ke nan. In zai yi mutunci ya bar ƙofa a buɗe, sai ya koma harshen da yake mutunci da shi. Ba doka ce da ba ta karyewa ba, akwai masu rubuta komai a cakuɗe ba tsari. Amma a takardun ciniki abin ya yawaita har ya cancanci a riƙa lura da shi. Wanda ya narkar da takardar cikin harshe ɗaya ya goge wannan bambanci, ya sa tara da alfarma sun zama nauyi ɗaya.

Ga abin da narkarwar ke haifarwa. A ce ɗan Alhaji ya karanta sau ɗaya, ya rubuta a littafi da Hausa: buhu 120 a kan 95.000, sun ba da kafin alƙalami, za a auna bayan an sauke a Mubi, ba sa son mai ƙwaro ko fumfuna, a kai kafin 15 ga Maris, in an makara 1.500 a mako, amma in hanya ce babu tara. Rubutu ne mai daɗin karantawa, gajere, kuma babu wanda zai zarge shi da ha'inci. Sai dai kusan kowane yanki nasa ya kauce.

Mafi haɗari su ne kalmomin da suka yi kama da Faransanci. Mai ilimin Faransanci in ya ga `balance`, sikeli ne ke zuwa masa, domin ma'anarta ke nan a harshen da ya yi karatu da shi. Kuma fahimtar ta zauna daram a cikin jimlar: a sauke kaya a auna, ai haka ake yi. Alhali a Ingilishin ciniki cikon kuɗi ake nufi. Buhu 120 a kan naira 95,000 ya kama naira 11,400,000. Kashi 40 cikin ɗari na wannan shi ne 4,560,000. Abin da ya rage, naira 6,840,000, shi ne takardar ta ce ba za a biya ba sai kaya sun sauka a Mubi. Wato Alhaji zai saki wakensa ya ƙetare iyaka alhali fiye da rabin kuɗinsa yana hannun wani. Wannan shi ne sharaɗi mafi nauyi a takardar, kuma a taƙaitawar yaron ya ɓace gaba ɗaya, an maye gurbinsa da maganar sikeli. Ba a gane ɓatansa domin bai bar rami ba.

Haka `moisture` take. Ta yi kama da kalmar Faransanci ta fumfuna, sai yaron ya rubuta fumfuna. Amma laima ake nufi, wato ruwan da ke cikin ƙwayar waken, wanda ake gwadawa da ɗan na'ura a ga kashi nawa ne. Wake zai iya zama fes a ido, babu fumfuna ko ɗis, a tauna shi ya yi ƙaras, amma na'ura ta nuna 13 ko 14. Alhaji zai duba buhunansa ya ce lafiya lau, a yi lodi, a isa Mubi a soka na'ura a ce sai an yi ragi. Da an bar kalmar yadda take tare da `12%` ɗinta, ko yaron bai san ta ba, adadin zai sa a yi tambaya, domin ba a auna fumfuna da irin wannan lissafi a kasuwar hatsi. Da aka fassara, sai aka jefar da adadin tunda bai dace da fassarar ba. Wannan alama ce da ya kamata a riƙe: duk lokacin da adadi ya ƙi zama a cikin fassararka, fassarar ce ke da matsala.

Sauran kurakuran ƙanana ne a ido, manya a aljihu. `on or before 15 March` ya haɗa da ranar 15 ɗin kanta, "kafin 15" kuwa ya fitar da ita, kwana guda ke nan da aka ƙwace wa Alhaji. `per bag per week` ya zama "a mako" kawai, sai tarar ta koma naira 1,500, alhali in an ninka da buhu 120 naira 180,000 ce kowane mako, mako biyu 360,000. Harafin N ya faɗi, kuma a littafin shagon Garwa duk adadin da ba a sa masa alama ba sefa ne. Ita sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa tana hawa tana sauka a wajen 'yan canji, don haka ko juya kuɗin zuwa sefa ba a yin sa a cikin layin sharaɗi. In ana so, a rubuta shi a gefe, da ranar da aka yi lissafin da farashin canjin ranar. Waƙafin da ke cikin adadi ma a bar shi yadda ya zo. Mu da Faransanci waƙafi yana raba cikakken adadi da gutsurensa, su kuwa dubbai yake rabawa. A kuɗi hankali yakan gyara, amma a nauyi `1,250kg` ɗinsu tan ɗaya da kwata ne, a karatunmu kuwa kilo ɗaya da kwata.

Kada a ɗauka ɓangaren Ingilishi kaɗai ke buƙatar tsaro. Hausar ma tana lalacewa in aka taɓa ta, kuma an fi sakaci da ita saboda kowa yana ganin ya iya. "Za mu duba" ba alkawari ba ne. Duk Bahaushe ya san nisan da ke tsakanin "za mu duba" da "babu komai, na yafe". Mai sayen ya buɗe ƙofa ne kawai, ya kuma gindaya sharaɗi cewa a kira shi. Yaron da ya rubuta "babu tara" ya ƙara wa maganar abin da ba ta da shi, ya kuma zubar da "a kira ni". In mota ta lalace a hanya aka kwana huɗu ba a kira ba, sassaucin ya tafi. Haka "sai dai in an yi ragi" take: ita ce ta mayar da ƙin karɓa ya zama abin tattaunawa. Waɗannan gajerun kalmomi, sai dai, amma, in, har, su ne ke juya ma'ana, kuma su ne mai taƙaitawa ke fara zubarwa don yana ganin ba su da nauyi.

Sai maganar baƙaƙe masu lanƙwasa. Mai rubutun bai sa su ba, ya rubuta "kudin" da "karbi", kamar yadda yawancin mutane ke yi a waya da takarda. A waɗannan biyun babu ruɗani. Amma dubi layi na huɗu: "A auna buhunan daidai." Daidai ne, wato kowane buhu ya cika kilo 100? Ko ɗaiɗai ne, wato a ɗora kowanne a sikeli shi kaɗai, kada a auna goma a ƙiyasta saura? Aiki biyu ne daban, kuma na biyun yinin 'yan dako ne da kuɗinsu. Tunda mutumin ba ya sa lanƙwasa a ko'ina, rashin ta a nan bai nuna komai ba. Mai taƙaitawa ba shi da hurumin zaɓar ɗaya. Abin da zai yi shi ne ya kwafe kalmar yadda take, ya sa mata alamar tambaya. A bayanin da yake rubutawa da bakinsa kuwa, ya sa lanƙwasarsa cikakkiya, don kada ya haifar wa na gaba da irin wannan ruɗanin.

To me ya rage a taƙaita, in duk wannan ba a taɓa shi? Da yawa. Gaisuwa tana fita, maimaici yana fita, gabatarwa tana fita, kuma ana sake jera abubuwa yadda mai shago ke buƙatarsu: kaya, kuɗi, inganci, lokaci. A takarda mai layi tara ragin ba zai yi yawa ba, amma a mai shafi biyu, inda rabinta addu'a ce da tuna tsohuwar hulɗa, za a iya komawa kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya tsira kuwa yana tsira da harshensa. Ga yadda shafin dama na littafin zai kasance:

```
Kaya: wake, "120 bags, 100kg each"
Farashi: "N95,000 per bag"
Biya: "40% deposit, balance after offloading a Mubi"
  > nawa: cikon kuɗi sai an sauke, naira 6,840,000
Awo: "a auna buhunan daidai" ?
Mota: namu "har boda" ?
Inganci: ba sa karɓar "weevil or moisture above 12%",
  "sai dai in an yi ragi" ?
  > nawa: ƙwaro, ko laima sama da kashi 12
Rana: "on or before 15 March"
Tara: "N1,500 per bag per week"
  > nawa: naira 180,000 a mako
Hanya: "a kira ni, za mu duba"
```

Abu uku ne a wannan shafi, kuma ido yana raba su nan take. Abin da ke cikin alamar zance maganar mai takarda ce, da Hausarta da Ingilishinta yadda suka zo, har "a Mubi" da ke manne da jimlar Ingilishi ba a ɓamɓare ta ba. Abin da ke ƙarƙashi da "nawa" a gabansa fahimtar mai taƙaitawa ce da lissafinsa. Alamar tambaya kuma tana nuna inda takardar kanta ba ta fito fili ba. Mai rubutu da hannu zai iya yin haka da biro biyu, shuɗi na maganar mai takarda, ja na tasa. In yaron ya fi sakewa da Faransanci, ya rubuta layin "nawa" da Faransanci, babu laifi. A Njamena wani zai rubuta shi da Larabci, wani dattijon ma da ajami. Layinsa ne, ya yi shi da harshen da ya ga dama. Layin mai takarda ne ba shi da iko a kai.

Akwai mai cewa wannan wahalar banza ce, tunda Alhaji ba ya jin Ingilishi, ƙarshenta sai an fassara masa. Gaskiya ne sai an fassara, kuma ban ce kada a fassara ba. Abin da nake cewa shi ne fassarar ta zauna kusa da asali, kada ta zauna a gurbinsa. Ko da yaron ya yi kuskuren sikeli a layin "nawa", kalmar asali tana nan a samansa, duk wanda ya taɓa zama a Yola ko Maiduguri ya leƙa littafin zai gano cikin daƙiƙa. Kuma dattawan kasuwa sun fi yara sanin waɗannan kalmomi da kunne, ko da ba su iya karanta su ba. Sau da yawa abin da ke faruwa ke nan a bakin shago, Alhaji a kan tabarma da tasbaha a hannu, yaro a tsugune da littafi a gwiwa:

"Baba, ya ce za a auna bayan an sauke."

"A auna kuma? To kuɗina fa? Karanta min yadda ya rubuta, da Turancinsa."

Yaro ya karanta, Alhaji ya ji kalmar ya ɗago kai: "Kai, ai balas yake nufi, cikon kuɗi. Sake duba min na ƙasa."

Wannan gyaran ba zai yiwu ba in da abin da ke littafin fassara ce zalla. Alhaji zai yarda da ɗansa, ɗan zai yarda da rubutunsa, hoton kuma yana can ƙarƙashin saƙonni ɗari biyu ba mai sake buɗe shi.

Hanyar tana da iyaka, kuma gara a faɗe ta. In sashen Ingilishi dogo ne, kamar shafi guda na bayanin yadda ake fesa maganin ƙwari ko sharuɗɗan kamfanin sufuri, ba za a kwafe shi duka ba, in ba haka ba an daina taƙaitawa. Wanda Ingilishinsa ya nuna zai iya rage shi cikin Ingilishin, da kalmomin mai rubutun, yana cire na cirewa ba tare da ya kawo nasa ba. Wanda nasa bai kai ba, kada ya gwada ƙirƙirar jimlar Ingilishi, domin zai haifar da harshe na uku wanda ba na kowa ba. Ya tsamo guntayen da ke ɗauke da adadi, rana, suna, umarni da hani, ya kwafe su cif, sauran ya bayyana su a layinsa, ya kuma rubuta a fili cewa daga nan zuwa nan fahimtarsa ce. Sannan kiyaye harshe ba ya warkar da takardar da aka rubuta a dunƙule tun asali. Abin da yake yi shi ne ya nuna inda dunƙulewar take.

A misalinmu wurare uku ne suka fito da alamar tambaya, kuma dukansu a ɓangaren Hausa suke, ba a Ingilishin da ake tsoro ba. Daidai ko ɗaiɗai. Ragin nawa ne a buhu, kuma wa zai yanke shi. Sai "har boda": bakin iyaka ta wajenmu kafin duwan, ko bayan an ƙetare an gama da kwastan na can? Kuɗin da ke tsakanin waɗannan wurare biyu ba kaɗan ba ne, kuma kowane ɓangare zai so ya fahimci kalmar yadda ta fi masa sauƙi. Waɗannan tambayoyi uku ake turawa Mubi kafin a ɗinke buhu ko ɗaya, a kuma nemi amsar a rubuce ko a saƙon murya da za a ajiye. In ana tambayar, a ɗauko kalmomin mutumin a mayar masa yadda ya rubuta su, a ce "inda ka ce kaza, me kake nufi", domin in aka tambaye shi da fassara zai amsa fassarar ne, ba abin da ya rubuta ba.

Amsar da ta dawo ba a shigar da ita cikin tsohon layi a goge na da. Ana buɗe sabon layi a ƙasa, a sa ranar da ta zo, a kwafe ta da harshen da ta zo da shi. In ya ce `N2,000 off per bag` haka za a rubuta, in ya ce "ɗaiɗai nake nufi, kowane buhu a sikeli" haka za a rubuta, sannan a ja layi a kan alamar tambayar da ke sama yadda za a iya ganin ta a ƙarƙashin layin. In ya sake turo hoton wata takardar da ta canza farashi ko rana, ita ma shafinta daban, da kwafinta a hagu da taƙaitawarta a dama, a rubuta a saman tsohon shafin cewa na ranar kaza ya maye gurbinsa.